Raddi Ga Masu Cewa Ƙaro Likita Kaɗai Zai Rage Layin Asibiti

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa babban asibitin gwamnati ya san maganar da ake yi a kan benci idan rana ta fara zafi. Wani dattijo zai duba agogo ya girgiza kai ya ce, "Ai likitoci ne babu." Na kusa da shi zai amsa, "Wallahi Baba, da za a ƙaro ko biyu ne da tuni muna gida." Ma'aikata ma haka suke faɗa, shugabannin asibiti kuma haka suke rubuta wa ma'aikatar lafiya kowace shekara. Maganar ta zauna a zukata har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja.

Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin ba daga iska suka ɗauko shi ba. Likitoci sun yi mana kaɗan, waɗanda muke da su suna ta ficewa ƙasashen waje, kuma na ga likita ya duba mutane tun safe har la'asar ko ruwa bai sha ba. Saɓanina da su a wuri ɗaya ne: cewa ƙarancin likita shi ne dukan dalilin jira, kuma babu abin da za a iya yi kafin a turo ƙari. A sashen da marasa lafiya ke zuwa su ga likita su koma gida, yawancin sa'o'in da mutum ke ɓatawa ba a ƙofar likita ake haifar da su ba. A can dai ake ganinsu, shi ya sa laifin yake faɗawa kanta. Hanyar gane gaskiya ita ce a auna inda sashen yake yau, a rubuta inda ake so ya kai, a fitar da giɓin da ke tsakani, sannan a bi giɓin nan gaɓa-gaɓa a ga wane dalili ne ya ci minti nawa.

Awon ba ya buƙatar kwamfuta. Ƙaramar takarda ce ake ba marar lafiya tun daga ƙofar shiga, maigadi ko wani ma'aikaci ya rubuta lokacin isowarsa. Daga nan duk teburin da ya je a rubuta lokaci biyu, na fara yi masa aiki da na gamawa: ɗakin kati, wurin biyan kuɗi, teburin nas mai awon jini da zafin jiki, ɗakin likita, ɗakin gwaji, ɗakin magani. A ƙofar fita a karɓi takardar. Ba sai an ba kowa ba, mutum ɗaya cikin kowane biyar ya isa, amma a yi mako guda cur, a tabbata Litinin da ranar kasuwar garin sun shiga ciki. Kafin a fara a daidaita agogon kowa, domin bambancin minti goma tsakanin wayar nas da agogon bango ya isa ya ɓata lissafin. A kuma ƙirga waɗanda suka yanki kati suka tafi ba su ga likita ba. Su ne shaidar da ta fi kowace zafi, kuma ba sa fitowa a cikin kowane rahoto.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na ƙaddarawa ne domin lissafi ya fito sarari, amma duk wanda ya yi aiki a irin wannan sashe zai gane fasalinsu. A ce sashen yana karɓar mutum 180 a rana, likitoci 4 ne, kowane marar lafiya yana ɗaukar minti 6 a gaban likita. Ke nan kowane likita yana ganin mutum 10 a awa, su huɗun suna ganin 40. Mutanen kusan duka sun iso da misalin ƙarfe 7:30, domin kowa ya san wanda ya makara shi ne na ƙarshe. Ɗakin kati yana buɗewa ƙarfe 8 da ma'aikaci ɗaya, wanda ke ɗaukar minti 2 kafin ya nemo fayil ko ya buɗe sabo, wato fayil 30 a awa. Likitoci kuwa ba sa zama sai 9:30, saboda taron safe da zagayen ɗakunan kwanciya.

A wannan tsari na farko zai ga likita bayan jiran awa 2, na ƙarshe kuma sai ƙarfe 2 na rana, bayan awa 6 da rabi. Matsakaicin jira ya zama awa 4 da minti 15. Wannan shi ne inda ake. A ce shugabannin sashen sun zauna sun amince cewa abin da suke so shi ne daga ƙofa zuwa gaban likita kada matsakaicin jira ya wuce awa ɗaya da rabi. Giɓin ya fito ke nan: minti 165. Tambayar da ta rage ita ce wane gyara ne zai ci kaso nawa daga cikin waɗannan mintuna.

Mu fara da abin da jama'a ke nema. An turo likita na biyar, yanzu ana iya ganin mutum 50 a awa. Da suka zauna 9:30 sun tarar da fayil 45 da ma'aikacin kati ya tara tun ƙarfe 8. Suna cinye 50 a awa, shi yana kawo 30, don haka kafin ƙarfe 11:45 tarin ya ƙare. Daga nan likitoci biyar za su zauna suna jiran fayil, ana ganin mutum 30 kacal a awa, kuma na ƙarshe zai shiga ƙarfe 2 kamar jiya. Matsakaicin jira ya sauko da kimanin minti 17 daga cikin 165. An biya albashin likita guda, an sami ragin da marar lafiya ba zai ma lura da shi ba. Abin da ya fi ciwo, mutanen da ke waje za su leƙa su ga likita zaune ba kowa a gabansa, su ce ga irin ta nan, ba sa son aiki.

To a bar likitoci huɗun, a gyara abu biyu. A sa mutum na biyu a ɗakin kati daga ƙarfe 7:30 zuwa 11, fayil ya riƙa fitowa 60 a awa, ya fi ƙarfin abin da likitoci ke buƙata. Sannan a tsara jadawali yadda likitocin sashen za su zauna ƙarfe 8, zagayen ɗakunan kwanciya ya koma hannun wasu ko ya koma bayan azahar. Yanzu na ƙarshe zai ga likita 12:30, matsakaicin jira ya dawo awa 2 da minti 45. An ci minti 90 daga giɓin ba tare da an ɗauki likita ko ɗaya ba. A lura da wani abu a nan, domin shi ne ke kayar da masu gyara da yawa. Da an matsa wa likitoci su zauna ƙarfe 8 amma aka bar ɗakin kati da mutum ɗaya, rabin wannan riba kawai za a samu, kuma za a tashi ƙarfe 2 dai. Likitocin za su ce an hana su zagaye a banza, kuma suna da gaskiya. Ruwa ba ya wuce faɗin maƙogwaron tulu, saboda haka wurin da ya fi ƙunci ake fara buɗewa.

Saura minti 75, kuma suna ɓoye ne a wurin da ba a cika dubawa ba, wato yadda mutane ke isowa. Muddin mutum 180 za su zo lokaci ɗaya a riƙa ganin 40 a awa, dole wani ya jira awa huɗu da rabi ko da kowane ma'aikaci ya yi aikinsa ba aibi. Idan aka raba su kashi uku, 60 na ƙarfe 8, 60 na 9:30, 60 na ƙarfe 11, kowane kashi zai ƙare cikin awa ɗaya da rabi. Ko da kowa ya zo rabin awa kafin lokacinsa, matsakaicin jira zai tsaya a awa ɗaya da minti 15. An rufe giɓin har da rara. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1952 wani masanin lissafi a Birtaniya, Norman Bailey, ya yi nazarin layin irin waɗannan sassa, ya nuna cewa kiran kowa lokaci guda yana sayen 'yan mintunan likita ne da sa'o'in marasa lafiya. Shawarar da ta fito daga aikinsa ita ce a sa mutum biyu a farkon zama domin kada likita ya zauna ba aiki, sauran kuma a jera su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon tsawon ganawa.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: mu nan ba Birtaniya ba ce. Matar da ta taso daga ƙauye da motar safe guda ɗaya ba za a ce mata ta zo ƙarfe 11 ba. Wanda aka ce ya zo gwajin suga bai karya ba dole ya zo da sassafe. Gaskiya ne, shi ya sa ba da kowa ake farawa ba. Ana farawa da masu dawowa, irin masu hawan jini da ciwon suga da ke zaune cikin gari, waɗanda da ma an san ranar zuwansu. A rubuta musu awa a katinsu tare da rana, a ciro fayilolinsu tun yammacin jiya, a bar safiya ga baƙi da mutanen karkara. Sharaɗin da ba ya karɓar sassauci shi ne cika alkawari. Ran da aka ce wa Hajiya ta zo ƙarfe 11 ta zo ta tarar an ba wasu gurbinta, wata mai zuwa da asuba za ta zo, kuma za ta gaya wa duk maƙwabtanta. Sammakon da muke gani ba jahilci ba ne, darasi ne da asibiti ya koya wa mutane da kansa.

Akwai abin da matsakaicin jira ke ɓoyewa, kuma ya fi duk lissafin da na yi muhimmanci. A cikin mutum 180 akwai yaro mai suma, akwai mai numfashi da ƙyar, akwai wanda gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki. Ga waɗannan, awa ɗaya da rabi ba nasara ba ce, tana iya zama ajali. Saboda haka mizani na biyu da ya wajaba a rubuta shi ne tsawon lokacin da mai tsananin ciwo ke ɗauka kafin wani ma'aikacin lafiya ya sa masa ido, kuma a nan minti ake ƙirgawa. Maganinsa shi ne nas ƙwararriya a bakin ƙofa, kafin kati da kafin biyan kuɗi, tana ware na gaggawa daga masu iya jira. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sake tsara karɓar yara a 2001, suka horar da ma'aikata kan tantancewa da taimakon gaggawa tun daga ƙofa. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ta koma tsakanin 6 zuwa 8. Dokar lafiya ta ƙasa ta Najeriya ta 2014 ma ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Layin da ke bin wanda ya riga zuwa kawai, komai adalcinsa a ido, yana iya ajiye yaro mai mutuwa a lamba ta 90.

Yanzu in dawo ga inda masu neman ƙarin likita suke da gaskiya, domin suna da ita. Duk lissafin nan ya tsaya ne a kan minti 6 ga kowane mutum. Minti 6 ba ta isa a saurari tsoho mai ciwo uku, a duba shi, a yi masa bayanin magani har ya gane. Wani nazari da Greg Irving da abokansa suka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan ƙasashe 67, ya sami tsawon ganawa da likita daga daƙiƙa 48 a Bangladesh zuwa minti 22 da rabi a Suwidin. Idan sashenmu ya ce yana son minti 10, mutum 180 za su buƙaci awa 30 na aikin likita. Likitoci huɗu za su yi awa 7 da rabi kowanne ba tashi, abin da ba zai ɗore ba. Shida ne za su gama cikin awa 5. Ga giɓi na gaskiya wanda likita kaɗai, ko wani ƙwararre da aka ba izini, zai cike. Tun 2014 Najeriya tana da manufar rarraba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta buɗe ƙofar a miƙa wasu ayyuka ga nas da jami'an lafiya da aka horar, kuma ya dace a duba abin da ta halatta kafin a ce komai sai likita. Amma ko da an duba an ga sai an ƙaro, dubi bambancin waɗannan takardun neman ƙari guda biyu. Ɗaya ta ce, "Muna fama da ƙarancin likitoci." Ɗayar ta ce, "Mun gyara ɗakin kati, mun gyara lokacin zama, mun rarraba lokutan isowa, jira ya sauko daga awa huɗu zuwa ƙasa da biyu, abin da ya rage shi ne ganawa minti 6 ce muna son ta kai 10, kuma hakan na buƙatar likita biyu." Ta biyu ce ke da wuyar jefawa a aljihun tebur.

Wannan ya kawo mu ga haɗarin da ke tattare da sa mizani. Idan aka ce wa ma'aikata a rage jira kawai, hanya mafi sauƙi ita ce a gajarta ganawa, a rubuta maganin zazzaɓi ba gwaji, a sallami mutum. Jira zai ragu a takarda, mutumin kuma zai dawo bayan kwana uku da ciwonsa. Don haka duk lokacin da ake bin jira, a bi tsawon ganawa tare da shi, a bi adadin masu dawowa da ciwo ɗaya cikin mako. Idan jira yana sauka ganawa ma tana sauka, ba gyara aka yi ba, an tura matsalar gaba ne.

Awon kansa yana iya yin ƙarya, kuma ana gane ta. Idan ka duba takardun ka ga kusan duk lokutan sun ƙare da 00 ko 30, an cike su ne da ka bayan an tashi. Idan jiran ya fito gajere fiye da abin da ido ke gani, a bincika ko an fara ƙirga ne daga ɗakin kati, aka jefar da sa'o'in da mutum ya yi a waje kafin a buɗe taga. Kwana biyun farko kowa yana zuwa da wuri domin ya san ana kallo, sai a ba kwanakin da suka biyo baya nauyi. Awon da aka yi a watan Maris kuma ba zai wakilci Satumba ba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika benci da yara. Abin da ya fi kashe aikin dai shi ne ma'aikata su ɗauka tarko ne na kama mai laifi. A gaya musu tun farko cewa tebur ake aunawa, ba a rubuta sunan kowa, kuma su za a fara nuna wa sakamako. Ma'aikacin kati ya san tun da daɗewa cewa rabin lokacinsa yana tafiya ne wajen neman fayilolin da ba a dawo da su daga ɗakin likita ba. Sau da yawa ba a taɓa tambayarsa ba ne.

Bayan an ga giɓin, matakan gyara su zama kaɗan, kuma kowanne ya kasance da mai shi, da ranar farawa, da abin da za a duba a san ya yi aiki. "A inganta ɗakin kati" ba mataki ba ne. Mataki shi ne shugaban sashen ajiye bayanai zai sa mutum na biyu a taga daga Litinin, kuma ƙarfe 8 za a ƙirga fayil nawa ke kan teburin likitoci. Shugabar nas za ta ajiye mai tantancewa a ƙofa daga 7:30. Shugaban likitoci zai fitar da jadawalin da ya raba masu zagaye da masu zama. Rarraba lokuta ya biyo baya, bayan an tabbatar cewa ana zama ƙarfe 8 da gaske. Bayan mako huɗu a sake raba takardun nan a sake aunawa. Kusan kullum za a tarar cunkoson ya koma wani wuri, galibi ɗakin magani ko ɗakin gwaji, domin mutanen da a da ke isa can a warwatse yanzu suna isa da yawa kafin azahar. Gwajin zazzaɓi na gaggawa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, amma idan ana tara sakamako sai ya kai ashirin kafin masinja ya kai wa likita, marar lafiya zai yi awa biyu a kansa. Wannan shi ne giɓi na gaba, kuma da takarda ɗaya ake kama shi.

Ina roƙon shugabannin asibitocinmu, da shugabannin nas da na ɗakunan kati, kafin ku rubuta takardar neman ƙarin likita ta bana, ku ware mako guda ku bi marasa lafiyarku da takarda da agogo daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita. Ku liƙa sakamakon a bango inda ma'aikata da masu jira za su gani, ku gyara abin da ke hannunku, sannan ku nemi sauran da alƙalumanku a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri.